Mahaɗin da ya mutu a shafin abokan aiki: abin da ake yi kafin saƙo, da abin da saƙon zai ƙunsa

Mai kula da shafin wata ƙungiya a intanet yana da iko da duk abin da ke cikin shafinsa. Yana iya sauya wa takarda wuri, ya sake mata suna, ya goge ta idan ya ga dama. Abin da ba shi da iko da shi shi ne mahaɗan da wasu suka ɗora a nasu shafukan suna nuna nasa. Mahaɗi, wato linkin da ake latsawa, rubutu ne kawai da wani ya ajiye a gidansa ranar da ya ajiye shi, kuma bai san komai game da abin da ya faru bayan nan ba. Idan ka matsar da takardar da yake nunawa, babu wata ƙararrawa da za ta kaɗa a wajen mai shi. Zai ci gaba da tura mutane inda babu kowa har ranar da wani ya gaya masa. Wannan ba ƙaramar matsala ba ce a intanet: cibiyar bincike ta Pew ta ba da rahoto a 2024 cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan da suke raye a 2013 ba sa buɗuwa bayan shekara goma. Tun a 1998 Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro yanar gizo, ya yi rubutu yana jan kunne cewa adireshi mai kyau shi ne wanda ba ya canzawa, kuma ya ce adireshi ba ya canza kansa, mutane ne suke canza shi.

To, saƙon da ake aika wa abokan aiki a ce su gyara mahaɗi yana kama da abu mai sauƙi, layi uku an gama. Amma yawancin irinsa ba sa haifar da komai, saboda an aike su kafin lokacinsu, ko an aike su babu abin da mai karɓa zai yi aiki da shi. Bari mu bi misali ɗaya tun daga farkonsa.

A ɗauka wata ƙungiya ce mai horar da malamai. Shekara da shekaru shafinta yana kan `example.net`, yanzu ta koma `example.org`, an kuma sake gina shafin da sabon tsari. Tana da wata jagora da ake yawan nema, wadda a da take nan:

```
https://example.net/takardu/jagora-2019.pdf
```

Yanzu jagorar ta zama shafi mai zaman kansa a `https://example.org/jagora/`. Wata cibiya da suke aiki tare, mai shafi a `example.com`, ta daɗe da sa tsohon adireshin a jerin kayan karatun da take ba mutanenta. Ranar nan wani malami ya yi waya yana ƙorafi cewa ya latsa, bai ga komai ba.

Abu na farko shi ne a san wace irin mutuwa mahaɗin ya yi, domin "ba ya buɗuwa" magana ce mai faɗi. Duk lokacin da burauza ta nemi shafi, sabar, wato kwamfutar da shafin yake zaune a kanta, tana mayar da amsa da wata lamba mai alƙalami uku. Mai karatu ba ya ganin lambar sai an yi rashin sa'a, amma mai kula da shafi yana iya tambayarta kai tsaye da `curl`, wata ƙaramar manhaja da ake buga wa umarni a rubuce:

```
curl -I https://example.net/takardu/jagora-2019.pdf
```

Idan amsar ta fito da 200, sabar tana cewa ga abin nan lafiya lau. Idan 404 ce, sabar tana nan da ranta, amma ta duba ba ta ga abin da aka nema ba. 410 na nufin abin ya taɓa kasancewa, an cire shi da gangan. Lambobin da suka fara da 5, kamar 500 ko 503, alama ce ta sabar ce ba ta da lafiya, kuma a nan babu dalilin damun kowa da saƙo, matsalar a gidanka take, gobe ma tana iya warkewa. Akwai kuma inda ba lambar da za ta fito sam, sai `curl` ya ce `Could not resolve host`. Wannan ita ce mafi muni, domin sunan shafin ne gaba ɗaya ya daina nuna ko'ina.

A misalinmu 404 ce ta fito. Ma'anarta, tsohon sunan yana hannun ƙungiyar har yanzu, sabar tana amsawa, takardar ce kawai ba a wurin. Kuma wannan ya kawo mu ga abin da nake ganin masu kula da shafuka suna yawan tsallakewa: wanda ya matsar da takarda shi ne ya kashe mahaɗin, don haka shi ne ya kamata ya fara gyara. Abokan aikin ba su yi laifin komai ba. Adireshin da suka sa daidai yake ranar da suka sa shi.

Gyaran da ke hannunka shi ne karkatarwa. Ka umarci sabar cewa duk wanda ya nemi tsohon adireshi, a wuce da shi sabon. A sabar Apache layi ɗaya ne:

```
Redirect 301 /takardu/jagora-2019.pdf https://example.org/jagora/
```

Lambar 301 tana gaya wa burauza da injinan bincike cewa ƙaurar ta dindindin ce. Akwai 'yar'uwarta 302, wadda take nufin an ɗan matsa ne na wani lokaci, a ci gaba da riƙe tsohon adireshin. Wanda ya sa 302 a inda 301 ta dace, mai karatu ba zai ga bambanci ba, amma injin bincike yana iya ci gaba da ɗaukar tsohon a matsayin na asali. Bayan an sa layin, sai a sake gwadawa da `curl -IL`, wanda yake bin karkatarwar har ƙarshe yana nuna kowane zango. Abin da ake so a gani shi ne 301 ɗaya, sai 200.

Akwai wata dabara ta lalaci da ya kamata a guje mata, wato a kwashe duk tsofaffin adireshi a karkatar da su zuwa shafin farko. A ido kamar an yi gyara, domin 404 ta ɓace. Amma malamin da ya zo neman jagora sai ya tsinci kansa a bakin ƙofa, babu wanda ya ce masa ga inda take, babu ma wanda ya ce masa an matsar da ita. Google kan ɗauki irin wannan a matsayin 404 ɗin da ta yi shigar burtu, yana ma da suna da yake kiranta da shi, `Soft 404`, a Search Console, wato dandalin da ya tanadar wa masu kula da shafuka. Ita ta fi wuyar ganewa, saboda manhajojin da suke farautar matattun mahaɗai suna ganin 200 su wuce abinsu. Kowace tsohuwar takarda a kai ta ga magajiyarta, wadda ba ta da magajiya a bar ta ta ce babu.

Yanzu mai karatu zai iya tambaya: tunda karkatarwa ta yi aiki, malamin ya latsa ya sami jagorarsa, me ya rage da za a aika wa cibiyar saƙo? Amsar tana cikin tsawon ran karkatarwar. Tana aiki ne muddin abubuwa uku suna tsaye: sunan `example.net` yana hannunka, akwai sabar da take amsawa a kansa, kuma takardar shaidar tsaronsa ba ta ƙare ba. Na ukun nan mutane sun fi mantawa da shi. Tunda tsohon adireshin da `https` ya fara, burauza sai ta duba shaidar kafin ma ta ji umarnin karkatarwa, idan ta ƙare, gargaɗi mai ban tsoro mai karatu zai gani ya juya. Sunan shafi kuwa haya ake yi, ba saye ba, ana sabunta shi lokaci bayan lokaci. Ranar da shugabannin ƙungiya suka ce babu amfanin biyan kuɗin sunan da aka daina amfani da shi, ko wanda yake sabuntawa ya bar aiki da kalmar sirrin a kansa, karkatarwar ta tafi. Bayan wani ɗan lokaci kowa yana iya yin rajistar sunan, kuma akwai masu farautar irin waɗannan sunaye musamman saboda mahaɗan da suke nuna su. Sai a wayi gari jerin kayan karatun cibiya mai mutunci yana tura malamai shafin caca. Google da kansa yana ba da shawarar a bar karkatarwa aƙalla shekara guda bayan ƙaura. Ni a ganina tsohon suna da mutane suka sani ba abin saki ba ne ko bayan shekara biyar, amma ba kullum mai kula da shafi ne yake yanke wannan hukunci ba. Saboda haka karkatarwa tana sayo maka lokaci ne, saƙon kuma shi ne yake cire dogaro da ita.

Kafin a rubuta, sai a nemo ainihin wurin da mahaɗin yake. "Akwai mahaɗinmu da ya mutu a shafinku" ba bayani ba ne ga wanda yake riƙe da shafuka ɗari uku. Rajistar sabar, wato inda take rubuta duk buƙatar da ta shigo mata, tana taimakawa, domin kowace buƙata tana iya zuwa da bayanin shafin da mutum ya taso daga gare shi, abin da ake rubutawa `Referer`. Sai dai tun wajajen 2020 da 2021 manyan burauzoji suka rage abin da suke faɗa: idan mutum ya tsallaka daga wani shafi zuwa wani daban, sunan shafin kawai suke bayarwa, ba cikakken adireshin ba. Don haka rajista za ta ce maka mutanen daga `example.com` suke zuwa, ba za ta ce daga wane lungu ba. Sashen `Links` na Search Console yakan nuna cikakkun adireshin shafukan da suke nuna naka, ko da yake ba duka yake kawowa ba. Ragowar aikin na hannu ne. Ka buɗe shafin da kake zargi, ka danna `Ctrl+U` don ganin rubutun da ke ƙarƙashinsa, ka nemi `example.net`. Neman kalmar a fuskar shafin ba ya wadatarwa, saboda abin da ido yake gani daban, adireshin da ke ɓoye a bayansa daban:

```
<a href="https://example.net/takardu/jagora-2019.pdf">Jagorar malamai (2019)</a>
```

A misalinmu, da aka duba, sai aka tarar mahaɗin ya fito sau biyu: ɗaya a jerin kayan karatu, ɗaya a wani tsohon labari na taron da ƙungiyoyin biyu suka yi tare. Da an yi gaggawar aika saƙo, da an gyara ɗaya an bar ɗaya, sai an sake komawa da kunya.

Ga yadda saƙon zai iya kasancewa. Kan saƙon ya faɗi komai da kansa: "Gyaran mahaɗi biyu a shafinku: jagorar malamai ta koma sabon adireshi".

"Assalamu alaikum Malama, da fatan kuna lafiya, ya aiki? Ni ne mai kula da shafin ƙungiyarmu, wadda kuke aikin horar da malamai tare da ita. Mun koma sabon shafi, kuma wannan ƙaura tamu ta sa mahaɗai biyu da kuka sa mana sun tsufa. Na farko yana shafinku na `https://example.com/kayan-karatu`, ƙarƙashin sashen malamai, layi na huɗu, inda aka rubuta 'Jagorar malamai (2019)'. Na biyu yana `https://example.com/labarai/taron-horo`, a sakin layi na ƙarshe, a kan kalmomin 'sauke jagorar'. Dukansu suna nuna wannan:

```
https://example.net/takardu/jagora-2019.pdf
```

Muna roƙon a mayar da su wannan:

```
https://example.org/jagora/
```

Wani abu da ya kamata ku sani: sabuwar jagorar an yi mata gyare-gyare, kuma yanzu shafi ce da ake karantawa kai tsaye, ba fayil ɗin saukewa ba. Don haka zai fi kyau a cire '2019' daga rubutun na farko, na biyun kuma a ce 'karanta jagorar'. A halin yanzu mun sa tsohon adireshin yana kai mutane sabon, amma ba za mu riƙe tsohon sunan shafin har abada ba, shi ya sa muke so a gyara tun da wuri. Idan ba ke ce kike kula da wannan ba, don Allah a miƙa wa wanda ya dace, ko a ba ni adireshinsa. Mun gode ƙwarai."

Ma'aunin da nake auna irin wannan saƙo da shi guda ɗaya ne: shin wanda bai taɓa jin labarin ba zai iya yin gyaran ba tare da ya dawo da tambaya ba? Duk tambayar da ya dawo da ita kwanaki ne suka tafi, sau da yawa ma ba zai tambaya ba, zai ajiye ne "sai anjima". Shi ya sa aka faɗi shafin, aka faɗi layin, aka faɗi rubutun da ke kan mahaɗin, sannan aka ware adireshin biyu kowanne a layinsa babu aya ko waƙafi a jikinsa. Wannan na ƙarshe yana kama da tsanani, amma mutum kwafa zai yi ya liƙa, kuma aya ɗaya da ta maƙale a wutsiyar adireshi ta isa ta haifar da sabuwar 404.

Maganar cewa jagorar ta canza ita ce sashen da aka fi bari a baya, alhali ita ce ta gaskiya da amana. Mahaɗi yana iya buɗuwa lafiya amma ya yi ƙarya. Idan cibiyar ta rubuta a wani wuri cewa "duba shafi na 12 na jagorar", sabon shafin ba shi da shafi na 12. Idan sun ɗauko wata magana daga bugun 2019 wadda aka cire a sabon, mai karatunsu zai je ya rasa ta, ya zarge su. Su ne suka san dalilin da ya sa suka sa mahaɗin, don haka a gaya musu abin da ya sauya, su yanke shawara. Wataƙila tsohon bugun suke buƙata. In haka ne, ko dai ka sake ɗora shi a sabon shafi da adireshinsa, ko ka nuna musu kwafin da Wayback Machine na Internet Archive ya adana, idan ya adana. Idan kuwa takardar an janye ta ne gaba ɗaya saboda bayanan cikinta sun daina aiki, abin da za a roƙa shi ne a cire mahaɗin, a kuma faɗi dalili, kada a tura su wani shafi da bai yi kama da ita ba don kawai kada a rasa mahaɗi.

Sai batun zargi. Masu kula da shafuka suna samun saƙonni barkatai daga baƙin da suke cewa "na ga mahaɗin da ya mutu a shafinku, ga wanda za ku maye gurbinsa da shi". Sana'a ce sananniya ta masu neman ɗaga shafinsu a injin bincike, wasu kuma 'yan damfara ne. Saƙonka na gaskiya ya yi kama da nasu sak, har ma ya fi nasu abin tuhuma, tunda kana cewa a bar sunan da suka sani a koma wanda ba su taɓa gani ba. Mai hankali dole ya tsaya. Abin da yake raba ka da su shi ne ka aiko daga imel ɗin ƙungiya, ka ambaci aikin da ya haɗa ku, ka rubuta adireshi a fili ba tare da gajarta shi ba, kuma kada ka maƙala wani fayil. Karkatarwar da ka riga ka sa ita ce babbar shaidarka: duk wanda ya latsa tsohon adireshin ya ga ya faɗa sabon, ya san mai tsohon sunan ne da kansa ya nuna hanya. Wannan wani dalili ne na sa ta kafin a aika saƙo.

Wa za a aika wa? Tun 1997 akwai ƙa'idar intanet, RFC 2142, da ta ware `webmaster@` a matsayin akwatin mai kula da shafi. A aikace sau da yawa akwatin babu shi, ko babu mai leƙa shi. Ya fi a bi ta mutumin da ake hulɗa da shi a cibiyar, ko da bai san komai game da shafi ba, domin shi ya san wanda yake da mabuɗin, kuma saƙon da abokin aiki ya miƙo ba a watsar da shi kamar na baƙo. Idan mako biyu suka wuce shiru, tunatarwa ɗaya a kan wannan saƙon dai ta isa, ko a ɗaga waya. Alfarma ake nema, kuma mai yiwuwa gyaran shafinsu yana hannun wani kamfani da sai an tara ayyuka ake kiransa.

Idan amsa ta zo cewa "an gyara", a gode, sannan a je a duba. Wani lokaci burauzarka ce take nuna maka tsohon kwafin da ta ajiye, sai ka sabunta da `Ctrl+F5`. Latsawa kaɗai kuma ba hujja ba ce, tunda karkatarwarka tana nan, ko ba a taɓa komai ba za ka isa sabon shafin. Sai an koma `Ctrl+U` an ga abin da ke cikin `href` da ido. Kuskuren da aka fi yi shi ne a gyara rubutun da ake gani a bar adireshin da ke bayansa, sai a sami irin wannan:

```
<a href="https://example.net/takardu/jagora-2019.pdf">Jagorar malamai</a>
```

An cire 2019 kamar yadda aka roƙa, mahaɗin kuwa yana nan inda yake. Wani kuma zai buga adireshin da hannu ya rubuta `/Jagora/` da babban harafi, kuma a yawancin sabar da ke aiki da Linux wannan wani wuri ne daban da `/jagora/`. Wani zai manta `https://` a farko, sai burauza ta ɗauka adireshin wani lungu ne a cikin shafin cibiyar, ta nemi `example.com/example.org/jagora/`, ta dawo da 404 daga nasu gidan.

Ko an gyara duka biyun daidai, ba a cire karkatarwar. Cibiyar tana da takardun PDF da ta raba wa mahalarta taro shekarun baya, da wasiƙun imel da suka riga suka tafi, da littattafan horo da aka buga a takarda, duk da tsohon adireshin a ciki, kuma babu saƙon da zai kai ga waɗannan. Abin da za a yi shi ne a riƙa leƙa rajistar tsohuwar sabar duk wata, a ga buƙatu nawa ne har yanzu suke zuwa neman `jagora-2019.pdf`, kuma daga ina. Wannan adadin shi ne za ka ajiye a gaban shugabanni ranar da aka zo maganar ko a sabunta rajistar `example.net` ko a sake ta.